Tsakanin “In” da “Da”: Inda Jimlar Sharaɗi ta Turanci Ke Cinye Makin Ɗalibai

Wanda duk ya taɓa zama jarrabawar Turanci ta WAEC, ko NECO, ko JAMB, ya san irin wannan tambaya. Za a rubuta jimla a bar gurbi, kamar “If Audu ____ earlier, he would have caught the train”, sannan a jero amsoshi huɗu: “left”, “leaves”, “had left” da “would have left”. Babu baƙuwar kalma a ciki, ɗan aji ɗaya na sakandare ma ya san su duka. Amsa ita ce “had left”. Amma malaman da ke koyar da Turanci a ƙasar Hausa sun san cewa hannun ɗalibai ya fi saurin kaiwa ga ta ƙarshe, wato “would have left”.

Ba rashin ƙwaƙwalwa ke jawo haka ba. Ɗalibin yana da dalili, sai dai dalilin na Hausa ne. A ransa jimlar cewa take: da Audu ya fita da wuri, da ya samu jirgin. Gaɓoɓin nan biyu tagwaye ne, kowanne ya fara da “da”, kowanne ya ɗauki aikatau iri ɗaya, “ya fita”, “ya samu”. Saboda haka da ya ga “would have” a gaɓa ta biyu, sai kunnensa ya nemi ɗan'uwansa a ta farko. Turancin jarrabawa kuwa ba ya son wannan daidaito. Gaɓar da ke ɗauke da “if” da gaɓar da ke ɗauke da sakamako ba sa shiga riga ɗaya.

Littattafan nahawun Turanci da makarantu suka daɗe suna amfani da su, irin na Thomson da Martinet wanda ya fara fitowa a 1960, sun kasa jimlar sharaɗi gida uku, suka sa musu lamba: iri na ɗaya, na biyu da na uku. Ɗalibai kan haddace su kamar jadawalin lissafi, su kuma manta su da zarar an ɗan juya tambaya. Abin da haddar ke ɓoyewa shi ne cewa dukkan ukun doka ɗaya ke tafiyar da su: a gaɓar “if”, Bature yana ja da aikatau baya da taki ɗaya daga ainihin lokacin da yake nufi, kuma iya nisan maganar da gaskiya, iya ja da bayan da zai yi.

A ɗauki manomi da ruwan sama. A watan Mayu, hadari na haɗuwa, manomi ya ce in an yi ruwa gobe zai yi shuka. Abu ne mai yiwuwa, ƙofa a buɗe take. Da Turanci sai a ce “If it rains tomorrow, he will plant”. Gobe ake magana, amma aikatau ɗin gaɓar farko siffar yanzu ya ɗauka, “rains”, aka bar “will” ga sakamako kaɗai. Wannan shi ne iri na ɗaya.

A nan Bahaushe yana da ramuka biyu a gabansa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na farko, Hausa tana cewa “in sun zo gobe za mu tafi”, da wannan “sun zo” ɗin da ake cewa “sun zo jiya”. Wanda ya bi sawun Hausa sai ya rubuta “If they came tomorrow, we will go”, ya haɗa kan iri na biyu da gangar jikin iri na ɗaya. Na biyu, wanda ya lura cewa gobe ake nufi sai ya ce ai dole a sa alamar lokaci mai zuwa, ya rubuta “If they will come tomorrow”. Duka biyun jan biro ne. Abin da ake so shi ne “If they come tomorrow, we will go”.

Yanzu a mayar da manomin nan watan Janairu, tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe sama. Ya ce da ana ruwa a wannan wata, da ya yi shuka sau biyu a shekara. Shi ma ya san ba a yi. Maganar ta yanzu ce, amma saɓanin gaskiya ce, don haka Turanci ya ja aikatau baya zuwa siffar abin da ya wuce: “If it rained in January, he would plant twice a year”. Kalmar “rained” a nan ba ta nufin an taɓa yin ruwan. Aikinta kawai ta nuna cewa zance ne na ƙaddarawa. Wannan shi ne iri na biyu, kuma shi ya fi ruɗa mutane, domin ido yana ganin jiya alhali ana nufin yau.

Iri na biyu yana da wata ɗabi'a da masu shirya tambayoyi ke ƙauna. A rubutun da ake girmamawa, “were” ake sawa ko da mutum ɗaya ne: “If I were the governor”, “If she were here”. Turawan kansu sukan ce “If I was” a hira, ba wanda zai ɗaga musu gira. Amma in “was” da “were” suka haɗu cikin amsoshin jarrabawa a irin wannan gurbi, “were” ake nema.

Sai iri na uku, na bakin alƙalami ya bushe. Damina ta wuce, ruwa ya yi jinkiri a watan Yuni, gero ya lalace. Da an yi ruwa a kan kari, da gero ya yi kyau. Tun da maganar da ma ta baya ce, kuma ga ta saɓanin abin da ya faru, sai Turanci ya ƙara ja da baya, ya ɗauko “had” ya haɗa da siga ta uku ta aikatau, wato irin su “gone”, “seen” da “written”, ba “went”, “saw” da “wrote” ba. A gaɓar sakamako kuma a sa “would have” da ita wannan siga ta uku: “If it had rained in June, the millet would have done well”.

Ga inda gizo ke saƙar. Hausa ba ta raba iri na biyu da na uku a jikin aikatau. Wanda ya ce “da ina da mota, da na kai ka”, ana iya fahimtarsa ta fuska biyu: ko dai yanzu yake nufi, ga baƙo tsaye a ƙofar gida yana jiran abin hawa, ko kuwa bara yake nufi, lokacin da aka yi tafiyar. Kalma irin “yanzu” ko “jiya”, ko yanayin hirar, su ke warware zancen. Hausa ƙofa biyu ta buɗe, ta “in” da ta “da”. Turanci ya tsaga ƙofar “da” gida biyu, ya tilasta wa mai rubutu ya zaɓa: “If I had a car, I would take you” ta yanzu, ko “If I had had a car, I would have taken you” ta bara. Wannan “had had” da ke kama da kuskuren mai buga takarda daidai yake. Na farko alamar ja da baya ne, na biyu kuma shi ne mallakar motar.

Saboda haka fassara daga Hausa tana kai ɗalibi rabin hanya ne kawai. Za ta gaya masa ko jimlar ta “in” ce ko ta “da”, kuma wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin ta raba masa iri na ɗaya da sauran biyun ba tare da wahala ba. Ragowar rabin sai ya tambayi kansa: yaushe? In yau ne ko kullum, iri na biyu. In ya riga ya wuce, na uku.

Tambayar “yaushe” ɗin nan ana yi wa kowace gaɓa ce daban, kuma daga nan gaurayen sharaɗi ke fitowa. Ba wani iri na huɗu ba ne mai sabuwar doka. Jimla ce da gaɓarta ɗaya ke tsaye a jiya, ɗayar kuma a yau.

Tarihin Najeriya cike yake da misalai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Mai insha'i da ke son ya ce da layin dogo bai iso ba da cinikin bai haɓaka da sauri haka ba, gaɓoɓinsa biyu duk a baya suke, iri na uku ne tsantsa: “If the railway had not reached Kano in 1911, the groundnut trade would not have grown so fast”. Amma a dubi wani. A ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnatin tarayya ta tare a Abuja daga Legas. Da ba a tashi ba, da har yau Legas ce fadar gwamnati. Tashin ya faru a 1991, shi ya sa gaɓar farko za ta ɗauki “had”. Sakamakon kuwa na yau ne, don haka “would” kaɗai zai ɗauka ba tare da “have” ba: “If the capital had not moved in 1991, Lagos would still be the seat of government”. Kai na iri na uku, jiki na iri na biyu, kuma babu aibi a ciki, domin ma'ana ce ta nemi haka.

Ana kuma samun akasinsa, ko da yake bai kai wancan yawa ba: hali na dindindin wanda ya haifar da wani abu a baya. Da Binta tana jin Faransanci, da an ɗauke ta aikin nan a Yamai bara. Rashin jin Faransancin yana nan har yau, rasa aikin kuma bara ne: “If Binta spoke French, she would have got the job last year”.

To, in gaurayawa halal ce, me ya sa “If they came tomorrow, we will go” ta zama haram? Domin iri na biyu da na uku 'yan gida ɗaya ne, duka na “da” ne, lokaci kaɗai ya raba su. Iri na ɗaya kuwa na “in” ne. Wanda ya haɗa shi da ɗayansu ya ce abu mai yiwuwa ne kuma ba mai yiwuwa ba ne a numfashi ɗaya. Ko a Hausa ba wanda zai ce “in ya zo gobe, da mun tafi”.

A zauren jarrabawa lokaci ba ya jira. A jarrabawar JAMB, wadda ake yi a na'ura mai ƙwaƙwalwa, Turanci ke da tambaya 60 cikin 180 da ake amsawa a awa biyu, wato kowace tambaya daƙiƙa arba'in take samu in an raba daidai. Takarda ta farko ta WAEC kuma tambaya 80 ce a awa ɗaya. Babu sararin zama ana jero dokoki. Abin da gogaggun malamai ke koyarwa shi ne ɗalibi ya fara duba gaɓar da aka ba shi cikakkiya, ita za ta nuna masa gidan da yake, sannan ya leƙa ƙarshen jimlar ko an ɓoye kalmar lokaci.

A gwada da wannan: “If Ladi had taken the drugs, she ____ well now”, amsoshin su ne “will be”, “would be”, “would have been” da “is”. Gaɓar da aka bayar tana da “had taken”, wato gidan “da” ne, kuma shan maganin a baya ne. Wannan kaɗai ya fitar da “will be” da “is”, saura biyu. Wanda ya haddace jadawali zai yi wuf ya danna “would have been”, tun da abin da aka koya masa ke bin “had” ke nan. Amma ga “now” can a ƙarshe, ƙaramar kalma mai harafi uku, tana cewa lafiyar ta yanzu ake magana. Amsa ita ce “would be”. Da an cire “now” an sa “by last week”, da amsar ta koma “would have been”. Kalmomi irin su “now”, “today” da “still” a gefe guda, da “yesterday”, “then” da “last year” a ɗaya gefen, ba ado aka sa su ba.

Wani tarkon shi ne a ɗauke “if” ɗin gaba ɗaya. Turanci yana iya jefar da ita ya juya jimlar, “If I had known” ta koma “Had I known”, “If I were you” ta koma “Were I you”, “If you need help” kuma ta koma “Should you need help”. Ma'ana ba ta canza ba, abin da ke biyo baya ma bai canza ba. Ɗalibin da ya ga “Had he asked, I ____ him” ya gane cewa iri na uku ne ya sauya tufafi, amsa “would have told” ce. Haka nan “unless” tana nufin “in ba”, ta riga ta haɗiye korewa a cikinta. Wanda ya rubuta “Unless you don't read, you will fail” ya kore sau biyu, ya ce wa yaro ke nan karatu ne zai kayar da shi.

Dokar da ke hana “will” bin “if” ma tana da iyaka, kuma masu shirya tambaya sun san iyakar. A jimla irin “I don't know if he will come”, wannan “if” ba ta sharaɗi ba ce, “ko” take nufi: ban sani ba ko zai zo. Gwajin mai sauƙi ne ga Bahaushe. In fassarar ta ba da “ko”, “will” na da izinin zama.

Duk wannan a ɓangaren cike gurbi ne, inda kuskure ɗaya makin tambaya ɗaya yake ci. A insha'i asarar ta fi haka, ko da yake ba a cika ganinta ba. WAEC tana neman insha'in da bai gaza kalma 450 ba, a kan maki 50. Goma na abin da aka faɗa ne, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma kuma na tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko na rubutun kalma ko na alamar tsayawa ke cin rabin maki. Kuskure ashirin sun isa su share goman nan tas. Jimlar sharaɗi kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, in ta karkace takan ja sakin layi guda ta tafi da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. An ce ɗalibi ya rubuta abin da zai yi da shi ne shugaban ƙaramar hukumarsu. Ya buɗe da kyau: “If I were the chairman, I would repair the boreholes”. Jimla ta biyu sai zumuɗi ya kwashe shi: “I will also build a clinic”. Ta uku: “The women will no longer trek for water”. Ya manta cewa har yanzu a cikin inuwar “da” yake. Bai zama shugaba ba tsakanin jimla ta farko da ta biyu. Muddin ana cikin wannan ƙaddarawar, kowace jimla “would” take buƙata, ko da “if” ba ta sake bayyana ba. Sakin layi mai jimla shida zai iya tara jan layi biyar daga mantuwa ɗaya. Abin lura shi ne, da Hausa ɗalibin ba zai yi wannan kuskure ba, zai ci gaba da cewa “da na gina asibiti, da mata sun huta”.

A insha'in muhawara da wasiƙa zuwa ga hukuma, zaɓin iri yana bayyana zuciyar mai rubutu. Wanda ya rubuta wa kwamishina “If the government repairs this road, accidents will reduce” yana magana ne kamar mai sa ran za a gyara. Wanda ya rubuta “If the government repaired this road, accidents would reduce” bai yi kuskure ba, amma ya nuna yana ganin abin da nisa, ko kuma yana sassauta murya don ladabi. Duka biyun suna da wurinsu. Mai neman a yi aiki, iri na ɗaya ya fi yi masa amfani. Iri na uku kuwa na zargi da nadama ne, da an gyara da ba a rasa rayuka ba, kuma wasiƙar da ta cika da shi takan ƙare ba ta nemi komai ba.

Akwai kuma batun ƙarfin iƙirari. “Would” tana yanke hukunci, “could” tana cewa da hali, “might” tana cewa wataƙila. Ɗalibin da ya rubuta cewa da ba a gano man fetur a Oloibiri a 1956 ba, noma “would have remained” ƙashin bayan arzikin ƙasa, ya yi rantsuwa a kan abin da ba wanda ya gani. Da ya ce “might have remained”, da ya bar wa kansa mafita, kuma mai duba takarda yakan gane bambancin ɗalibin da ke auna maganarsa da wanda ke zuba ta.

Insha'in labari shi ne gidan iri na uku. Akan ba da tambayar da ke cewa a rubuta labarin da zai ƙare da kalmomin nadama irin “Had I known”, abin da Hausawa ke kira da-na-sani. Ɗalibai sukan yi shafi biyu lafiya lau, su zo jimlar ƙarshe, wadda mai dubawa zai fi tunawa, su rubuta “I would have not went” maimakon “I would not have gone”. Kuskure biyu ke nan a wuri ɗaya, “not” ta bar mazauninta na bayan “would”, an kuma sa siga ta biyu inda ake neman ta uku. A cikin labarin kuma, in ana ruwaito maganar wani, iri na ɗaya yakan rikiɗe ya yi kama da na biyu. Uba ya ce “If you fail, I will sell the bicycle”. Mai ba da labari zai rubuta “He said that if I failed, he would sell the bicycle”. Barazanar ta gaske ce, ba ƙaddarawa ba, “said” ce kawai ta ja komai baya.

Saura waƙafi, wanda shi ma rabin maki ne. In gaɓar “if” ce ta zo a farko, ana sa waƙafi bayanta kafin sakamako. In sakamako ne ya riga, kamar “He will plant if it rains”, ba a sa komai a tsakani.